Kati Sha Biyu a Takarda Guda

A shekarar da takarda ta yi wuya a Madawa, ina aiki a shagon kawuna, ƙanen mahaifiyata, kusa da tasha. Shagon ɗaki guda ne da rumfar kwano. A ciki akwai ordinata, wato kwamfuta, da mashin ɗin buga takarda mai tawada, da na fotokofi, sai masiko, wuƙar yankan takarda mai doguwar ƙota, a kan teburinta a lungu. Ni ke rubutu da tsarawa, Kawu ke yanka. Ba ya barin kowa ya taɓa masikon nan.

Lokacin hankalina ba ya wuri guda. Maigidana ya tafi neman kuɗi Aljeriya, kiran waya ya soma nisa da juna, ni kuma kullum ina saƙa da warwara: in koma Yamai wajen ƙawata, ko in zauna. Ina rubutu ina duban waya. Mota ta tashi a tasha sai in ɗaga kai, kamar da wanda nake jira. Garinmu kuwa, can ƙasar Garhanga, na daɗe da ɗauke ƙafa, don na gaji da tambayar ina labarin mai gida.

Ana cikin bazara, da hantsi, sai ga Inna, yayar mahaifiyata, ta sauko daga kabu-kabu da ƙunshi a hammata. Ita ce shugabar ƙungiyar matan garinmu. Tun ina yarinya na san ta da ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a gangaren tudu don tare ruwa. Yanzu sun kafa mangazar hatsi, inda 'yar ƙungiya za ta sayi gero da rahusa idan rumbu ya ƙare. Ko tabarma ba ta jira ba, ta kwance ƙunshin a kan teburina. Leda ce cike da ƙananan hotuna, kowane da suna a bayansa, da jerin sunayen da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta musu, sai takardu masu kauri, korra, irin waɗanda muke kira biristol.

"Kati nike so, ɗiyata," in ji ta. "Kowace mace da nata. Gobe da sahe za a buɗe mangaza, kuma motar Buza ba ta wuce la'asar."

Na ƙirga sunayen: mata ɗari biyu da ashirin da takwas. Na ƙirga takardun: ashirin. Ragowar wani taro ne da aka taɓa yi musu, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Kawu ya leƙo ta saman tabarau. "Yaya, ba su isa."

"Kai ko duba ba ka yi ba."

"Ba sai na duba ba. Goma ake sawa a takarda. Goma sau ashirin, ɗari biyu. Ashirin da takwas sun rasa."

Gaskiyarsa ce. Katin shaida na yau da kullum tsawonsa santimita takwas da rabi da ɗan ɗoriya, faɗinsa biyar da digo huɗu. Takardar kuma faɗinta ashirin da ɗaya, tsawonta ya kusa talatin. In ka kwantar da katunan, biyu ke shiga a jere, layi biyar, goma ke nan. In ka tsayar da su, uku a jere, layi uku, tara. Haka na koya, haka muke yi wa 'yan makaranta da 'yan kabu-kabu. Gefe da gefe kuma sai a zubar da ɓarɓashi masu faɗi.

Kawu ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu 'yan takardu ruwan hoda, ragowar katin gayyatar biki. "Ga waɗannan. Uku sun wadatar da sauran. Kore kam babu shi a garin nan, na sha nema."

Inna ta ɗauki guda, ta jujjuya, ta ajiye. "Su wa ke ƙarshen takardar sunayen?"

Na karanta mata. Ta ce in ci gaba da hawa sama, na yi ta karantowa. Duk matan unguwar kan tudu ne. Na san unguwar, ko da yake ban taɓa taka ta ba. Kakanninsu su ne suka riƙe al'adar gargajiya har bayan kowa ya musulunta. Yau suna salla, suna azumi, da masallacinsu, amma har yanzu akwai gidajen da ba sa ba su aure, kuma muna yara ana hana mu shan ruwa a can.

"Shekara nawa ina hawa tudun nan kahin su yarda su shigo," in ji Inna. "Sai in miƙa wa kowa kore, su in miƙa musu ja? Mi za su ce? Wallahi gara in koma hannu wofi."

"To a cakuɗa," in ji Kawu. "A ba wasu na ƙasa jan."

"Wa za ta karɓa? Ke nan na sayo rigima biyu."

Na ce a buga duka a farar takarda ta fotokofi. Ta tsuke baki. Katin da zai kwana a bakin zane, ya sha zufa da ruwan sama? Wata guda ba zai yi ba. Robar lulluɓewa kuwa mu kanmu ta yanke mana.

Daga nan shagon ya ƙi zaunuwa. Inna ta fita rumfa, ta dawo, ta tsaya a kaina, ta sake fita ta aika a tambayo mata ko motar ta soma lodi. Ni kuma na buɗe shafi a ordinata ina jan akwatuna. Na gwada layi biyu a tsaye da biyu a kwance: goma dai. Na juya takardar a kwance: tara. Na matse tsakaninsu har suka haɗe: goma, da wani fili a gefe mai ban haushi, wanda ya yi wa shara yawa, ya yi wa kati kaɗan. Na tashi na sha ruwa, na duba waya, na zauna, na sake tashi. Wani ya shigo fotokofi na ba shi takardarsa a juye.

Abin da ya tsaya mini shi ne huɗu a jere. In da katuna huɗu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, layi uku, sha biyu ke nan, kuma sha biyu sau sha tara daidai yake da adadin matan, har takarda guda ta rage. Amma huɗu suna bukatar santimita ashirin da ɗaya da digo shida, takardar kuwa ashirin da ɗaya cif. Milimita shida kacal suka hana. Na faɗa wa Kawu cikin takaici.

Ya ɗauki farar takarda guda, yana magana yana ninke ta biyu a tsawonta, ya sake ninkewa, kamar yadda yake wasa da kowace takarda in yana tunani. "Ko kin rage su, ina bakin da za a yanke? Mashin ba ya buga har gefe."

Na karɓi takardar daga hannunsa na buɗe. Ninki uku, gida huɗu. Na ɗora ma'auni: kowane gida biyar da kwata. Wato abin da ya bambanta shi da katin gaske bai wuce milimita ɗaya da rabi ba.

"Kawu, to in ba a yanke gefen ba fa? Bakin takarda ya zama bakin kati."

Ya karɓi ma'aunin ya gwada da kansa. "Sai dai babu zane a kewaye. Mashin na barin wajen milimita huɗu da ba ya taɓawa. In kin sa layi a gefe, na waje za su fito guntaye."

"Babu layi, babu ado. Rubutu ya shige ciki da milimita biyar ta ko'ina, na tsakiya ma haka, don su zama iri ɗaya. Launin takardar ya isa ado."

"Hoto fa?"

Hoton faɗinsa uku da rabi, tsawonsa huɗu da rabi. A katin kwance, akwatinsa zai taɓa wurin da mashin ba ya kaiwa. A katin tsaye kuwa yana zama a tsakiya, sama, rubutu a ƙarƙashinsa. Na zana, na buga a farar takarda, Kawu ya yanko guda ya miƙa wa Inna.

Ta riƙe shi a kwance, ta ga rubutun ya karkace, ta tsayar. "Wanga wane irin kati ne, a tsaye kamar dogari? Ni na ga na mutanen Keita, a kwance yake, da zane kewaye, har da zangarniyar gero."

"Inna, ko dai zangarniya, ko matan tudu."

Ta dube ni, ta dubi katin. "Kowa irin wanga za ta samu? Ba babba ba ƙarami?"

"Kowa."

"To mi kike jira?"

A bayan katin tana son gidajen watanni, inda mai tsaron mangaza zai buga hatimi duk lokacin da mace ta sayi hatsi, da lambar matar a sama da manyan baƙaƙe, don lamba yake iya karantawa. Na zuba sunayen da lambobin, na buga gwaji gaba da baya a farar takarda, na ɗaga ta a bakin ƙofa rana ta ratsa. Gidajen sun hau kan juna daidai, amma lamba huɗu ce a bayan mai lamba ɗaya. Gaggawa ta mantar da ni cewa in an juya takarda, dama ke komawa hagu. Na sake jera bayan: huɗu, uku, biyu, ɗaya, kowane layi haka. Gwaji na biyu ya zauna. A sama da ƙasan shafin, inda santimita biyu-biyu suka rage, na sa 'yan alamomin da za a bi a tsaga tsawon, tsakanin layuka kuma na ja zare siriri da kyar ake ganinsa.

Aka kira azahar ban tashi ba sai da na ga takarda ta farko ta fito. Mashin ɗin ba ya jan biristol in an tara, ɗaya-ɗaya ake ba shi, a dafa ta da yatsa har ya kama. In ta fito sai a shanya ta tawadar ta bushe kafin a juya. Teburi, kujeru, saman fotokofi, ko'ina ya zama kore. Inna ta hana kowa shigowa. Wani mai neman a rubuta masa takardar neman aiki ta ce da shi ya dawo gobe.

Muna kan ta goma sha huɗu wuta ta ɗauke.

Fanka ta tsaya, mashin ya yi tsit da takarda rabi a bakinsa. Inna ta saki salati. Na buɗe murfin, na lallaɓa na zaro ta a hankali kada ta yage. Layin sama ya fito cikakke. Na tsakiya ya tsaya a rabin suna. Na ƙasa ko ɗigo babu.

"Ta mutu ke nan?" in ji Inna.

"Huɗu sun mutu, takwas na da rai."

Kawu ya zura takalmi ya nufi wajen mai sayar da ƙanƙara na bayanmu, wanda ke da janareta. Zaman jiran nan ya fi komai tsawo. Yaron mota ya zo ya ce saura mutum uku su cika. Inna ta ce ya gaya wa direba ita ce, ta san uwarsa, kada ya kuskura. Ta zauna, ta miƙe, ta shiga tattara takardun da suka bushe, na ce ta bari kada jerin ya rikice, ta ce ni ma in daina kaɗa ƙafa ina girgiza mata tebur. Sai ta kalli wayar da ke hannuna.

"Ya kira?"

"A'a."

Ba ta ƙara ba. Na ji daɗin haka fiye da duk wani lallashi.

Kawu ya dawo yana jan doguwar wayar wuta ta taga. Da ordinata ta tashi, na yi shafi na musamman wanda babu komai a cikinsa sai layin ƙasa, na mayar da takardar nan cikin mashin da kai ɗaya kamar farko. Ta wuce layin sama da na tsakiya ba ta taɓa su ba, ta buga huɗun ƙasa a mazauninsu. Huɗun da suka lalace na kai su kan takarda ta ashirin, wadda dama ta rage. Gida takwas suka saura a jikinta. Na tambayi Inna ko in bar su.

"Buga su ba suna. Akwai waɗanda ke leƙe daga nesa, sai sun ga hatsi ya shiga gidan maƙwabta."

Sai yanka. Yanzu babu sauran takarda ko guda, in wuƙa ta kauce shi ke nan. Kawu ya wanke hannu ya goge, ya cire agogo. Uku-uku yake ɗauka, ya buga bakinsu a tebur su daidaita, ya manna su jikin ƙarfen masiko, ya danne da tafin hannu. Tsawon yake fara tsagawa, tsakiya tukuna, sannan kowane rabi biyu, don in ya fara cire sama da ƙasa alamomin sun tafi. Bayan haka ya tara dogayen ɓallin ya bi zaren nan, sara huɗu: kai, tsakani, tsakani, ƙafa. Ni ina karɓa ina jerawa bisa lamba, ina ɗaure hamsin-hamsin da roba. Abin da ya zuba a ƙasa 'yan guntaye ne masu faɗin yatsa, ko cikin kwano ba su yi ba. Inna ta tsince su ta ƙulle a leda, wai za a rubuta lamba a liƙa a bakin buhu.

Direba da kansa ya zo, yana huci. A nan muka tuna da hotuna. Ko ɗaya ba a manna ba.

"A can a manna," in ji Kawu.

"Wa zai karanta sunayen?" in ji Inna. "Malamin ya tahi Tawa. Ni fuska na sani, ba baƙi ba."

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na soma cewa akwai aiki gobe, Kawu ya ce aikin zai jira. Na ce ban zo da kaya ba, Inna ta ce zane bai ƙare a gidanta ba. Na ɗauki kwalbar gam da almakashi, na bi ta, raina a jagule.

Motar ta bi ta Buza, ta sauke buhunan albasa, ta ɗauki awaki, sannan ta kama hanyar tsakuwa. Katunan suna kan cinyata, na rungume su kamar jariri. Kowane rami sai na taɓa in ji robar ba ta tsinke ba. Waya ta rasa layi tun muna hawan dutse, na jefa ta cikin jaka.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, gaban mangaza. Na zaci tambayoyin da nake gudu za su tare ni, kuma sun zo, biyu ko uku, amma kowa hankalinta na kan ledar Inna. Ina kiran suna, Inna na zaro hoto, ina duba bayansa in tabbatar, in shafa gam in manna, mai tsaron mangaza ya buga hatimi rabi a kan hoto rabi a kan kati. Mata suna karɓa suna haɗa nasu da na juna, baki da baki, su ga ko wani ya fi wani. Wata ta rantse nata ya fi siriri. Aka ɗora shi a kan na maƙwabciyarta, aka ga bambancin bai kai kaurin farce ba, aka yi mata dariya.

Matan tudu sun zo tare, sun zauna can gefe, ba su shiga layi ba. Da na lura sunayensu duk sai ƙarshe za su fito, na juya ɗaurin, na riƙa ɗauko ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa. Ta farko da na kira a cikinsu ta ɗan jima kafin ta taso. Ta karɓa, ta koma, sauran suka rufu a kanta. Na ga ɗaya ta miƙe ta je wajen wata 'yar unguwarmu ta ce bari ta ga nata. Ta duba gaba, ta duba baya, ta mayar mata, ta dawo ta ce da 'yan uwanta wani abu da ban ji ba. Daga nan suka matso cikin layi.

Kati guda ya rage mai hoto, na wata tsohuwar kan tudu da ƙafa ta hana ta saukowa. Inna ta ce gwiwarta ita ma ta gaji, in kai mata. Wata daga cikin matan tudun ta yi mini jagora. Hanyar duk duwatsu ce baƙaƙe, rana ta riga ta gasa su, ina hawa ina haki. Gidajen irin namu ne, rumbunan irin namu, har da kajin da ke tone a gindin randa. Tsohuwar na zaune a inuwar rumbu tana ɓarzar wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi ko ɗiyar wace ce ni, na faɗa, ta ce ta san kakata, sun yi ɗibar ruwa a rijiya guda.

Ta sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya. Na sha, na ƙara.

Ta riƙe katin nesa da idonta, ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce mai hoton ya tsufar da ita. Sannan ta ce in nuna mata inda sunanta yake. Na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Duk wannan?"

"Naki da na mahaifinki."

"Shi ma yana ciki?" Ta sake bin layin. "To karanta mini shi da ƙarfi, yadda aka rubuta."

Na karanta. Ta gyara mini yadda ake jan wasalin ƙarshe a sunan mahaifin, ta sa na maimaita har sau biyu, sannan ta tura mini tiren waken ta ce in taya ta kafin rana ta yi sanyi in sauka.